Madubin da Na Sa a Tallar Hajja

Ni ce mai rubutun cocinmu a unguwar Jiddari Polo. A takarda sakatariya ake ce mini, amma a zahiri duk wanda zai yi aure, ko zai binne tsohonsa, ko zai gode wa Allah don ya sayi keke mai ƙafa uku, teburina yake zuwa. Na taɓa rubuta tarihin wani dattijo da ya rasu, matarsa ta karanta a wurin jana'iza, ta ɗago ta tambaye ni ko na tabbata mijinta nake nufi. Tun daga ranar kaina ya kumbura, kuma ba na jin ya sace har zuwa abin da zan ba da labari.

Hajja mai kwalliyar biki ce a unguwar Abbaganaram, Babarbariya, ƙawar marigayiya mahaifiyata tun ina goye. Mama malamar firamare ce daga kudancin Borno, Hajja kuwa ko sunanta da ƙyar take rubutawa, amma in suka zauna a kan tabarma da butar shayi sai an kira magariba ake raba su. Hajja ita ke kafa rumfa, ta jera kujeru ta sa musu riguna, ta ɗaura yadi, ta shirya kujerar amarya da ango, ta kunna turaren wuta. Tana yi wa Musulmi adon wushe-wushe, shagalin daren biki na Barebari, da na walima, tana yi mana adon coci da na liyafa. Ita ta yi bikina. Ba ta da allo a ƙofar gida, ba ta da kati, kuma in ka ɗaga waya za ka ɗauki hoton aikinta sai ta ja lafaya ta juya baya.

To sai ga yaran zamani sun shigo sana'ar, da balan-balan da injin hayaƙi da bidiyo mai kiɗa. Amare suka koma can. Wata Asabar ta watan biki na je gaishe ta, na tarar da kujerunta a jibge har rufi, ƙura ta hau su, ita kuma tana tsince shinkafa. Raina ya ɓaci sosai.

Na ce, “Hajja, ranar Asabar kina gida? Wallahi talla ce ba ki da ita. Ki bar ni in rubuta miki.”

Ta ce, “Talla ta me, 'yata? Mai biki ya san hanyar gidan nan.”

“Uwar mai biki ce ta sani. Amaren yanzu a waya suke zaɓe.”

Na yi ta matsa mata har shinkafar ta ƙare. Daga ƙarshe ta ce to, in rubuta, amma in kawo in karanta mata kafin kowa ya gani. Na ce ai dole. Wannan ƙa'ida ce da kowane mai rubuta wa wani talla ya sani, ni ma na sani, har ina koya wa 'yan kwaya, mawaƙan cocinmu, in za su buga sanarwa.

Ta ba ni makullin ɗakin ajiya in duba kaya, don in san abin da zan lissafa. Can ciki, bayan kujeru da buhunan furannin roba, na ga wani abu a tsaye an lulluɓe shi da zanin gado. Na yaye. Madubi ne dogo, ya fi ni tsawo, katakon gefensa an sassaƙa shi an shafe da ruwan gwal, a samansa ga ɗawisu biyu suna kallon juna. Na daɗe a tsaye, don irinsa sak Mama ta saya mini lokacin aurena, sai dai nawa fari ne. Ranar ganin ɗaki dangin mijina a gabansa suka yi cincirindo, wata goggonsa ta ce ashe malaman firamare ma suna da abin hannu. Sati biyu da biki Mama ta zo da masu ɗauka, ta ce ɗakin ya yi mini kaɗan, za ta ajiye mini a gida. Da muka koma gida mai faɗi na tambaya, ta ce ya fashe. Ban yarda ba. A raina na yanke cewa sayar da shi ta yi, kuma shekara da shekaru ina yi mata gorin madubin nan cikin wasa mai ɗan ciwo.

Na ce a raina wannan na Hajja na ɗaukar hoto ne a zauren liyafa, inda amarya ke tsayawa da ƙawaye. Na jawo shi daga lungu zuwa wurin haske, na ja kasko na ajiye a gabansa, na zuba furanni, na ɗauki hoto. Hoton ya fito kyakkyawa, Allah shi ne shaida.

Kwana uku ina rubutu. Na san talla tana son kan magana mai jan ido, sai abin da ake yi, sai dalilin da zai sa a zaɓe ka a bar wani, sai inda za a same ka. Na kuma yanke cewa tallar Hajja za ta ɗauki abu biyu, shagali da amana, don yaran nan suna da hayaƙi amma rabinsu sai amarya ta iso suke hura balan-balan. Ga abin da na fara da shi:

“Ranar farin cikinki, hasken idonmu! Mu ne masu mayar da tsakar gida fadar sarauta, mu mayar da rumfa aljannar duniya! Shekara talatin muna riƙe amanar iyaye, muna share hawayen amare!”

Na kai wa mai buga mana takardun coci, wani Inyamuri da shagonsa ke bakin titi, ya daɗe a garin nan har yana zagi da Barbarci. Ya karanta, ya cire tabarau.

“Madam, aure ne ko taron siyasa? Alamar motsin rai guda tara na ƙirga. Kuma ba ki faɗi ko tana ba da hayar kaya ba. Mutane wannan suke fara tambaya.”

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Na yarda aka rage alamun zuwa biyar. A ƙarƙashin hoton madubin kuma na ƙara layi ɗaya da hannuna: “Duk abin da kika gani a hoton nan namu ne, kuma muna ba da haya.” Ya ɗora rubutun da ruwan gwal a kan kore, ya sa lambar wayar Hajja a ƙasa, ya turo mini a waya don in nuna mata kafin a buga.

Safiyar Talata ce. Abbaganaram da nisa, rana ta fara zafi, abin kuma ya yi kyau har ina jin ƙaiƙayi a yatsa. Na ce bari in ɗan sa a guruf ɗin zumuntar mata na coci in ji ra'ayi, ai cikin gida ne. Mata ɗari da wani abu ne a ciki, kuma kowace tana da guruf ɗin dangi, da na unguwa, da na adashe, da na tsofaffin ɗalibai. Duk na san wannan. Na danna.

Na zauna ina jiran yabo. Guruf ɗin da in an sa hoton jariri kafin ka ƙifta ido an yi amin hamsin, ranar shiru. Alama ta nuna an gani, an gani, an gani, ba wadda ta ce uffan. Can sai shugabar zumunta ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa.

“'Yar'uwa, rubutunki ya yi kyau. Amma hoton nan, ba ki da na kujeru?”

Bayan ita sai matar dattijon coci, ta ce madubi a talla ba ya kawo albarka, a wani wa'azi ta ji. Sai wata ma'aikaciyar jinya da ba ta taɓa kirana ba, ta ce ɗawisu alamar girman kai ne. Na ce ikon Allah, yau duk garin nan ya zama malaman tauhidin madubi! Ina cikin yi musu dariyar hassada sai ga kiran Hajja. Ba ta amsa gaisuwata ba.

“Ki hau keke ki zo.”

Na tarar da ita a ƙofar ɗakin ajiya, wayarta a kife a kan tabarma tana ta ruri, ta ƙi ɗauka. Kusa da ita ga wata mata a zaune. Na san ta, malamar makaranta ce, mijinta ya rasu da daɗewa, sati uku da suka wuce ta aurar da 'yarta ɗaya tilo ga ɗan wasu masu shaguna a kasuwa. Ni na rubuta tsarin sujadar bikin. Idonta ya yi ja, ɗankwalinta a karkace, da gani daga aji ta fito da gudu.

Malamar ta ce, “Ke ce mai rubutun? Sannu da ƙoƙari. Kin san inda madubin nan yake ranar ganin ɗakin 'yata? A ɗakinta yake. Uwar mijinta ta tsaya a gabansa ta gyara ɗauri, ta tambaye ni inda na samo, na ce daga Kano. Satin da ya wuce aka ɗauke shi, muka ce ƙafarsa ce ta yi rawa an kai wa kafinta. Yau ga shi a wayar kowa, an rubuta na haya ne.”

A wurin na fahimci ɗayar sana'ar Hajja, wadda ba ta da suna. In uwa ta yi gado da katifa da tukwane ƙarfinta ya ƙare, ɗakin kuma yana neman abu ɗaya da zai sa dangin ango su yi shiru, sai ta zo Abbaganaram. Hajja ta shigar da abin cikin kayan jere da safe, tare da sauran kaya, ba mai bambancewa. Bayan an gama zuwa ganin ɗaki sai abin ya samu dalilin fita. Tana sake masa fenti lokaci-lokaci, ba ta kai shi unguwa ɗaya sau biyu a jere, ba ta taɓa barin a ɗauke shi hoto a gidanta. Ni kuma na zuba masa furanni na sa masa lambar waya.

Malamar ta ce, “Ni ba kaina nake ji ba. Yarinyar nan a gidan mutane take, gida ɗaya da uwar miji. In suka fara kiranta mai madubin haya, har ta haifi jikoki da sunan za a san ta.”

Na ce zan goge yanzu-yanzu. Na goge daga guruf ɗin. Ta miƙo mini wayarta, ga tallar an turo mata daga wurare uku, ɗaya ma daga wata 'yar'uwarta a Biu. Ban taɓa rubuta abin da ya yi tafiya irin wannan ba, kuma abin kunya, wani ɓangare na zuciyata sai da ya ɗan ji daɗi kafin kunya ta danne shi.

Hajja ba ta yi mini faɗa ba, wannan ya fi mini ciwo. Ta zuba wa malamar shayi, ta jira ta sha, sannan ta ce, “Malama, koma ajinki. Surukar 'yarki ba za ta ce komai ba.”

“Hajja, ba ki san matar nan ba. Bakinta ko a kasuwa tsoronsa ake ji.”

“Na san ta.”

“To ta yaya za ta yi shiru?”

“Ki bi ta ƙofar baya, ta fi kusa da titi.”

Malamar ba ta fi minti goma da fita ba sai ga mota ta tsaya a ƙofar gaba. Uwar mijin yarinyar ce da kanta, leshi mai nauyi, awarwaro har gwiwar hannu, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Na ce shi ke nan, na kashe auren mutane da layi ɗaya. Hajja ta dube ni ta ce in je zaure in jira. Na zauna a zaure ina karanta duk addu'ar da na sani. Na kasa kunne ko zan ji ihu, ban ji komai ba sai ƙarar cokali a kofi.

Da ta fito ta tsaya a kaina, ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke ce sakatariya? Madubin nan ni ban taɓa ganin sa ba a rayuwata.”

Na ce, “E, Mama.”

“Amma ki bi duk inda ya je ki ce a goge. Ki ce kuskure ne, na wata mata ne ta kawo gyara, ba na haya ba ne. Musamman ki tabbatar bai kai Dusuman ba. 'Yata a can take aure, dangin mijinta kuma mutanen banza ne, ba abin da ba sa sa wa ido.”

Ta gyara awarwaro ta shiga mota. Na bi ta da kallo baki buɗe. Wato ranar da ta tsaya a ɗakin matar ɗanta tana tambayar inda aka samo madubi, ta san ɗawisun nan kamar yadda ta san 'ya'yan cikinta, aka ce mata daga Kano, ta ce kai, Kano akwai kaya. Hajja kuwa da ta zaɓi gidan da za ta kai shi, ta san wace suruka ce ba za ta iya buɗe baki ba. Na tuna shugabar zumunta, da matar dattijo, da mai jinya da ɗawisunta na girman kai. Kowace ta ɗauka ita kaɗai ce ta taɓa aron madubin.

Na koma ciki na ce, “Hajja, ashe ita ma?”

Ta ce, “Ita ma me? Gaisuwa ta zo yi.”

Na rubuta gyara kamar yadda aka umarce ni, na tura: hoton kuskure ne, madubin na wata baiwar Allah ne da aka kawo gyara. Nan take guruf ya farfaɗo. Amin ta fi sittin. Wata ta ce ita dama ta san Hajja ba ta ba da hayar madubi. Wata ta ce ai irinsa sun cika kasuwa, ita ma 'yarta tana da shi. Shugaba ta rufe da addu'a. Har yau ban ji an kira yarinyar nan da wani suna ba, kuma surukarta ce ta fi kowa yabon tarbiyyarta.

Hajja ta ce in karanta mata tallar, tunda dai duniya ta riga ta ji. Na karanta. Ta ce in cire fadar sarauta, ita rumfa take kafawa. Ta ce in cire aljanna, kar in ja mata zunubi. Da na zo kan riƙe amanar iyaye sai ta ɗaga hannu.

“Amanar me? Duk wanda ya karanta zai tambaya me aka ba ta ajiya. Cire.”

Na ce to me ya rage? Ta ce in rubuta abin da take yi. Muka yi ta ja, ina ƙarawa tana ragewa, har muka tsaya a kan wannan: “Rumfa, kujeru, fure da turare, don ranar murnarku. Muna gama shiri kafin baƙi su iso, muna kwashe kaya bayan sun tafi. Ku tambayi iyayenku mata.” Hoton kuwa na kujeru ne a jere da fararen riguna. Mai buga takarda ya ce wannan ce talla ta farko da na kawo masa da bai ji kunyar sa sunan shagonsa a ƙasa ba.

Amma kafin in bar gidan ranar, Hajja ta ce in taya ta mayar da madubin lungunsa, tunda ni na jawo shi. Tun lokacin da malamar ta ce an kai wa kafinta wani zargi yake damuna, ina ta danne shi. Na kama gefe ɗaya, muka juya shi. Gaban ne kawai ake yi wa fenti, bayan katako ne tsirara. A ƙasa ta hagu ga tabon ƙuna mai kusurwa uku, baƙi, daidai girman dutsen guga.

Ni na yi shi. Kwana huɗu da aurena, ba wuta, na ari dutsen guga na gawayi zan goge wa mijina riga, na jingina shi a bayan madubi na tafi duba miya. Na ɓoye wa kowa tabon, har Mama.

Na durƙusa na sa yatsa a kai. Na tuna ranar da ta zo da masu ɗauka, yadda ta ƙi zama, ta ƙi shan ruwa, tana ta cewa ɗakin ya yi kaɗan. Na tuna sau nawa na ce mata a gaban mutane, Mama, kuɗin madubina fa, ta yi dariya ta ce Allah ya shirye ni. Har a gadon asibiti na yi mata wannan wasan, sati ɗaya kafin ta rasu, ta yi dariyar da ta iya.

Na ce, “Hajja, wannan a da farin fenti gare shi, ko?”

Ta ce, “Na manta. An daɗe.”

“Mama ta zo wurinki.”

“Kullum tana zuwa. Shayi muke sha.”

“Hajja, don Allah. Ta rasu fa. Ni ce 'yarta.”

Ta dube ni, idonta ya ciko, ta ja bakin lafaya ta goge. Na jira. Na ɗauka za ta faɗa.

Ta ce, “A bikinki ni rumfa da kujeru na kawo. Kayan ɗakinki uwarki ce ta yi miki.”

Ta ɗauko zanin gadon ta warware, ta miƙo mini gefe ɗaya, ta ce in kama da kyau kar ya ja ƙasa. Na kama ina kuka, muka lulluɓe shi.